Tsohon da Ya Ce Mini In Tafi

Ni mutum ne mai saurin fushi, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma babu abin da yake tafasa mini zuciya kamar in ji an ce wai na buge mutum na gudu. Na tsaya. Na fito daga mota, na ɗaga shi da hannuna, har dariya muka yi ni da shi. Shekara guda na yi ina maimaita wa mutane wannan, wasu su gyaɗa kai, wasu su kawar da ido. Yanzu na gaji da kare kaina, zan faɗi abin yadda ya faru.

Ranar wata Asabar ce, ƙarshen damina. Na fito daga gidana da ke Yalwawa a Dutse bayan karin kumallo, zan leƙa gonata ta wajen Buji in ga ko wake ya fara fure. A irin wannan lokaci gero da dawa sun fi mutum tsawo, sun zo har bakin titi sun tsaya, ba ka ganin abin da zai fito daga ƙananan hanyoyin gona sai ya fito. Na san haka sarai. Ba gudu nake ba, amma ba zan yi wa Allah ƙarya in ce tafiyar da ta dace da wurin nake yi ba.

Wajen ƙarfe tara wani dattijo a kan keke ya ɓullo daga cikin dawa ta hannun dama. Na taka birki na murɗa sitiyari, gaban motar ya kuɓuce masa, amma gefenta ya same shi. Madubi ya karye. Na ji ƙarar keke a kan kwalta, na ji wani abu kamar an yar da buhu.

Na fito da sauri. Na same shi a kwance a kan keken, kan keken, wato abin riƙewa, ya tokare shi a ciki ta ɓangaren hagu. Bafulatani ne dogo, siriri, gemu fari fat, malafarsa ta gangara cikin kwata. Ina ta salati na kama shi na zaunar. Babu jini ko ɗigo, sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Ya maida numfashi, sannan ya ɗago ya ƙare wa fuskata kallo.

To ni asalinmu Barebari ne. Kakana ne ya taso daga gabas, kuma ina cikin na ƙarshe da aka yi wa zane a gidanmu, ga shi nan a kumatuna ba ya ɓoyuwa. Kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da Fulani, su ce mu bayinsu ne, mu ce su ne namu, kuma ko a gidan makoki aka haɗu sai an taɓa. Dattijon nan yana ganin zanen sai ya yi murmushi.

"Ashe bawana ne. Kai yanzu har ka yi ƙarfin da za ka ka da ubangidanka?"

Wallahi daɗin da na ji a lokacin ba ya misaltuwa. Mutumin da yake tsokana ai bai mutu ba. Na ce masa Baffa ya tashi mu je asibiti a duba shi. Ya ce Allah ya kiyaye ya shiga motar Babarbare, salon a je a sayar da shi. Na sake roƙo. Ya ce shi da saniya ta taka, bijimi ya ɗaga shi sama yana saurayi, wannan gwangwanin ne zai kai shi asibiti? Ya miƙe da kansa, ya ƙi kama hannuna. Na lura ya ɗan daɗe kafin ya miƙe sosai, na lura gumi ya tsattsafo masa a goshi alhali garin da sanyin safiya, na kuma lura tafin hannunsa bai bar gefen cikinsa ba. Duk na gani. Na zaɓi in saurari bakinsa.

Na ɗauko masa malafa, na saka ƙafar keken tsakanin gwiwoyina na miƙar da kan. Ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, shi ma bai duba ba ya fito. Ya ce ya yafe duniya da lahira, in kama hanyata kafin ya canza shawara ya sa ni kiwo. Na yi dariya, shi ma ya yi, gajeriya. Can nesa na hango wasu mata uku da ƙoren nono a ka sun tsaya suna kallonmu, ba su matso ba. Na shiga mota. Ta madubin ciki na ga bai hau keken ba, turawa yake, ya koma cikin dawar da ya fito.

Ban tambayi sunansa ba, ban tambayi garinsu ba. Shi ma bai san nawa ba, balle lambar motata. Abin ko a raina bai zo ba. Mun rabu kamar waɗanda suka yi karo da kafaɗa a kasuwa.

Na je gona na ga wake, na dawo bayan azahar. Mai ɗakina ce ta fara ganin madubi yana reto, ta tambaya. Na ba ta labarin ina kwaikwayon muryar dattijon, ina jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta tambaye ni a ina kan keken ya same shi. Ta tambaye ni ɗan wane gari ne, wa ya raka shi gida. Kowace tambaya na ce ban sani ba, kuma kowane ban sani ba yana ƙara hasala ni, har na daka mata tsawa na ce ita alƙali ce ko matar gida? Mutum ya ce ya yafe, me kuma ake nema? Ta ɗauke kwanon abinci ta shige, ta ce Allah ya sa iyakarta ke nan.

Bayan la'asar na fito ƙofar gida ina ƙoƙarin ɗaure madubin da waya. Maƙwabcina Alhaji, wanda ya yi shekaru yana tuƙa motocin gwamnati har ya yi ritaya, yana zaune a kan tabarmarsa. Shi ma na ba shi labarin, amma wannan karon ban kwaikwayi murya ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in ajiye wayar nan, kada in gyara komai a jikin motar, in ɗauko lasisina da takardun mota ya raka ni ofishin 'yan sanda yanzu.

Na ce a kan me? Ya ce a kan doka. Duk direban da ya yi haɗari, mutum ya ji rauni ko dabba ko dukiyar wani ta lalace, wajibi ne ya tsaya, ya duba halin da wanda ya buge yake ciki, ya taimaka a kai shi inda za a duba shi. Ya ba da sunansa da inda yake zaune, da sunan mai motar in ba tasa ba ce, da lambar mota. Sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko wurin jami'an kiyaye haɗurra da wuri iyakar iyawarsa, kada ya wuce awa ashirin da huɗu. Ya ce ko wanda ya ga taro zai far masa ya tsere da ransa, ba gida zai nufa ba, ofishin 'yan sanda zai nufa kai tsaye ya ce ga abin da ya faru, ga inda ya bar mutum.

"Malam, yafiyar tasa ce, ya ba ka. Rahoton ba nasa ba ne balle ya yafe maka shi."

Na ce Alhaji a bar kaza cikin gashinta. In kai kaina da ƙafata, a riƙe mota, a yi ta kai ni ana kawo ni a kan mutumin da yanzu haka yana can yana shan fura? Allura ce za ta tono garma. Ya ce shi a aikinsa ya ga wanda ya tashi daga haɗari ya karkaɗe riga ya taya su tura mota, kafin yamma aka sallace shi, domin jinin da ke zuba a ciki ba ya nuna kansa a waje. Na ce ya daina yi mini baƙin baki. Na faɗi haka ga mutumin da ya girme ni da shekara ashirin, kuma har yau ina jin kunyar abin. Ya naɗe tabarmarsa, ya ce yana gida in na shirya, ƙarfe tara na safe dai wa'adin zai cika.

Ranar Lahadi na tashi da wuri. Na yi wanka, na sa kaya, na ɗauko takardun motar na ajiye a kan tebur. Na zauna ina kallonsu. Na ce bari in karya tukuna. Na karya na ce bari rana ta ɗan ɗaga. Mai ɗakina tana shara tana zagaye teburin. Tara ta yi, ta wuce. Abin mamaki sai na ji wani sauƙi-sauƙi, kamar tunda lokacin ya wuce maganar ma ta wuce.

Sauƙin bai kai azahar ba. Hannun nan da ke dafe da ciki ya ƙi barin idona. Na ce to bari in je da kaina in gan shi, in na same shi yana zaune lafiya in dawo in wanke Alhaji da mai ɗakina tas. Ban ɗauki motar ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da zuciyata ta riga ta sani. Na ari babur ɗin ƙanena da ke Limawa, na kama hanya.

Na gane wurin da fasassun gilashin madubina a gefen kwalta. Na tsaya ina dubawa sai ga mutane suna fitowa daga hanyar nan ta cikin dawa, biyu-biyu, uku-uku, wasu a ƙasa wasu a kan babura, duk manya, babu mai magana da ƙarfi. Na yi wa wani sallama na tambaye shi lafiya. Ya ce rasuwa aka yi, wani dattijonsu, da safe aka kai shi. Mota ce ta buge shi jiya a nan inda nake tsaye, mai motar ya fito ya dube shi ya koma ya tsere. Ya ce amma Allah ba ya barci, mata sun ga launin motar, ardo ya kai magana wurin hukuma.

Na ce Allah ya jiƙansa. Muryata ce ta faɗa, ni ban san inda nake ba. Mutumin ya dubi fuskata, ya dubi zanena, na ga kamar zai yi tsokanar da aka saba, sai ya fasa ya wuce. Na juya babur. Sau biyu ke nan ina barin wurin nan ba tare da kowa ya san sunana ba, kuma na biyun ba ni da wanda zan ce shi ya sallame ni.

Alhaji bai ce mini ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa da na sami abin yin fushi, da na ji sanyi. Ya sa hularsa kawai ya ce in ɗauko motar yadda take. Muka tafi ofishin 'yan sandan da ke kula da yankin da abin ya faru, muka isa gab da la'asar.

Sufeton da ke kula da haɗurran mota mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Ya karɓi lasisina da takardun mota da na inshora, ya rubuta sunana da unguwarmu da lambar mota. Ya tambayi ranar da lokacin, da daidai wurin, da inda na fito da inda na nufa, da irin gudun da nake, da abin da ya lalace a motar, da ko akwai wanda ya gani. Duk na amsa. Sannan ya tambayi sunan wanda na buge. Na ce ban sani ba. Ya tambayi wane asibiti na kai shi, wa na bar wa sunana, wane jami'i na sanar. Na ce ranka ya daɗe, shi ne ya ce in tafi, ya ce ya yafe, har wasa muka yi.

Ya ajiye biro ya ce, "Wa ya ji lokacin da ya faɗa?"

Babu. Matan sun yi nisa, abin da suka gani shi ne mota ta buge mutum, direba ya fito, ya koma, ya tafi. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya cewa ban gudu ba, kuma an binne shi da safe.

Na fara zafi, na ce to ai ga ni na kawo kaina. Ya ce ya gani, kuma zai rubuta cewa da ƙafata na zo, zai yi mini amfani. Amma na zo bayan wa'adi ya wuce, bayan an kawo rahoton direban da ba a san ko wane ne ba, bayan na ji mutumin ya rasu. Ya ce in da jiya na zo, da sun aika a nemo dattijon tun da rana, da sun auna wurin tun sawun taya yana nan, da sun ga yanayina da na motar a lokacin. Yanzu wa zai tabbatar ba a buge nake ba jiya, ko ba waya nake dannawa ba? Ya ce shi ya sa doka ta ɗauki barin wurin haɗari da nauyi. Haɗari kowa yana iya yi. Tafiya kuwa mutum ne yake zaɓa, kuma tana iya cin ran da da an tsaya za a ceta. Ko dattijon ya ƙi shiga mota, ba a ce in ɗaure shi ba, amma sai in bar masa sunana, in nemi mutanensa, in zo in faɗa.

Aka riƙe motar domin masu duba lafiyar mota su gwada birki da taya. Na rubuta bayanina na sa hannu. Na kwana a can, washegari Alhaji da ƙanena suka tsaya mini aka ba da belina. Maganar ta je kotun majistare ta yi watanni. A kan bugun kansa ba a same ni da tuƙin ganganci ba. A kan tafiyata ba tare da barin suna ba, da rashin kai rahoto a kan lokaci, an same ni da laifi, kuma ban ɗaukaka ƙara ba.

Amma tun kafin a shiga kotu, ranar sadakar bakwai, na ce sai na je ta'aziyya. Ƙanena ya ce hauka nake. Alhaji ya nemi ardon ta hannun wani abokinsa, ardo ya ce mu zo, babu abin da zai faru. Muka ajiye motar Alhaji a bakin titi muka bi hanyar cikin dawar a ƙasa. Ina tsammanin tafiya ce mai nisa. Ko minti biyar ba mu yi ba muka iso.

Fulanin zaune ne, gidajen ƙasa da rumbuna, garke a bayan gari. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka yi addu'a. Babu wanda ya yi mini wasan Barebari, babu kuma wanda ya zage ni, ni kuwa a ranar da zagin ya fi mini sauƙi. Babban ɗan marigayin, malamin makaranta ne, sa'ana ko ya ɗan girme ni, ya matso kusa da ni. Na fara ba shi labarin abin da mahaifinsa ya ce. Ya ɗaga hannu ya ce ya yarda, ba sai na rantse ba, wannan maganar Baffa ce sak.

Sai ya ba ni nasa labarin. Baffa ya shigo gida yana tura keke, ya ce musu santsi ne ya kwashe shi ya faɗi. Bai ambaci mota ba ko da wasa. Ya kwanta a ɗaki ya ce gajiya ce. Suka gasa masa ciki da ruwan zafi, suka jiƙa masa saiwa. Da azahar ya yi salla a zaune, ya ce jiri yake ji, yana ta neman ruwa. Matan da suka ga abin kasuwa suka wuce da nononsu, suna zaton ai ya faɗa a gida, ba su dawo ba sai gab da magariba. A lokacin ne aka ji mota ce. Kafin a samo abin hawa jikinsa ya yi sanyi, a hanyar Dutse ya cika. Likitan da ya duba shi ya ce ga alama saifa ce ta fashe, jini ya taru a ciki, kuma irin wannan in an zo da wuri ana yin aiki mutum ya tashi.

Na ce wallahi sau biyu na roƙe shi ya shiga mota.

Ya ce, "Malam, Baffa ko wuƙa aka soka masa ba zai ce wash a gaban baƙo ba, balle a gaban Babarbare. Ba laifinka ba ne da ba ka san shi ba. Amma mu mun san shi. Da ka biyo shi ka yi sallama ka ce mota ce, mu mun san yadda ake sa shi ya shiga."

Ya ce su sun yafe, kamar yadda mahaifinsu ya yafe, sauran kuma tsakanina da hukuma. Aka kawo fura a ƙwarya aka ajiye a gabana. Daga inda nake zaune ina jin motoci suna wucewa a kan titi, har ina iya bambance ƙarar babbar mota da ta ƙarama.